Kafin sakamakon gwaji ya fito: abin da kamfanin abinci zai faɗa wa jama'a

Tambaya: Ina aiki a sashen hulɗa da jama'a na wani kamfanin sarrafa abinci. Masu saye sun fara kira suna cewa kayanmu sun sa musu ciwon ciki, wani ma ya saki bidiyo a intanet. Manyanmu sun ce a yi shiru sai sakamakon gwaji ya fito. Wane tsari ya kamata mu bi wajen yi wa jama'a bayani?

Amsa: Malam, shirun nan ba zai yiwu ba, kuma lissafin lokaci kaɗai ya isa ya nuna maka dalili. Gwajin salmonela, ƙwayar cutar da ke gurɓata abinci, ta hanyar renonta yana cin kamar kwana 3 kafin a ce babu, kwana 5 ko fiye kafin a tabbatar akwai. Na listeriya, wata ƙwayar cutar ta daban, yakan kai mako guda. Ko gwajin gaggawa sai an fara renon samfurin na kusan yini da kwana, don haka ba a samun amsarsa kafin washegari. Duk tsawon wannan lokaci kayan suna kan kanta, suna cikin gidajen mutane ana ci. Saboda haka tsarin da kuke bukata shi ne na yin magana alhali ba ku gama sani ba. A nan ne yawancin kamfanoni ke faɗuwa, kuma a kan wannan tsakanin zan tsaya.

Abin da zan fi nanata maka shi ne, sanarwa ba ta fin takardun masana'anta ƙarfi. Idan ba za ku iya cewa ga rukunin da ake zargi, ga adadinsa, ga inda ya tafi ba, to duk iya tsara maganar sashenku ba za ta rufe wannan giɓin ba. Aikin sa'o'in farko ba rubutu ba ne, tattara gaskiya ne.

Bari in ɗauki misali guda in bi shi har ƙarshe. Alƙaluman na misali ne kawai. A ƙaddara kamfani ne da ke zuba garin madara a gwangwani mai gram 400. Ranar Litinin da ƙarfe 9 na safe an tarar da ƙorafi uku da suka shigo a ƙarshen mako: gudawa da zazzaɓi, yaro ɗaya yana kwance a asibiti. Biyu daga cikin masu ƙorafin sun karanto lambar rukuni ɗaya daga gindin gwangwani, L2417. Na ukun ya yar da nasa.

A sa'ar farko abu uku ake yi, kuma babu wanda ke jiran wani. Manajan inganci ya sa a kulle duk abin da ya rage na wannan rukuni a sito, a manna masa alamar hana fita, a kuma rufe shi a kwamfutar fitar da kaya, domin alamar takarda kaɗai ba ta hana direban dare lodi. Sannan a tara ƙaramin kwamiti: mai ikon yanke hukunci, manajan inganci, manajan masana'anta, mai kula da rarraba kaya, kai na hulɗa da jama'a, da lauya. Mutum shida ko bakwai sun isa, kowa da mataimakin da zai tsaya a madadinsa idan wayarsa ba ta shiga. Na uku, a naɗa mutum ɗaya wanda ba shi da aiki sai rubuta abin da aka sani, da ƙarfe nawa aka sani, da abin da aka yanke da wanda ya yanke. Wannan littafi shi ne hukuma za ta fara nema daga baya, kuma daga cikinsa ne kowace sanarwa za ta fito. Abin da ba ya cikin littafin ba ya shiga bakin kakakin kamfani.

Daga nan a kira masu ƙorafin ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya san ingancin abinci ne zai kira, ba mai talla ba. A fara da tambayar lafiyar mara lafiyan, a shawarce su su ga likita idan ba su gani ba, a roƙi a yi gwajin bayan gida. Sai a tambayi ranar da aka sha, da sa'ar da ciwon ya fara, da alamominsa, da ko wasu a gidan sun sha ba su kamu ba, da abin da aka ci a kwanakin da suka gabata, da ruwan da aka dama madarar da shi. Tazarar da ke tsakanin ci da fara ciwo tana da amfani ƙwarai. Amai mai tsanani da ya taso tsakanin rabin sa'a zuwa sa'a 8 yakan nuna dafin da wasu ƙwayoyin cuta suka riga suka zuba a cikin abincin. Salmonela takan ɗauki sa'a 6 zuwa kwana 6, da gudawa da zazzaɓi. Listeriya kuwa tana iya ɓoyewa makonni, har zuwa kwana 70. Mutane sun saba ɗora laifi kan abin da suka ci na ƙarshe, kuma sau da yawa ba shi ba ne. Amma wannan ilimi na cikin ɗakin kwamiti ne. Kada kowa ya ce wa uwar da ɗanta ke kan gadon asibiti wataƙila ruwanta ne ba shi da tsabta. Ko da hakan ya zama gaskiya daga baya, ranar farko ba ranar faɗarsa ba ce.

A nemi ragowar gwangwanin, a sa shi a leda a liƙe, a rubuta wanda ya bayar da wanda ya karɓa da lokaci. Sai dai ka san iyakarsa: gwangwanin da aka buɗe aka yi ta sa cokali a ciki ba ya tabbatar da inda ƙwayar cutar ta fito. Abin da ya fi nauyi shi ne samfuran da kamfani ya ajiye a rufe daga kowane rukuni, da gwangwanayen da ba a buɗe ba daga kasuwa. Su za a aika ɗakin gwaji mai zaman kansa wanda ke da shaidar amincewa, domin sakamakon ɗakin gwajinku na cikin gida ba zai gamsar da kowa ba a irin wannan rana.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowace wuya, wadda kuma ita ke kashe kamfanoni: ina iyakar matsalar? Kowa a ɗakin zai so a ce L2417 ne kawai, gwangwani 12,000. Amma ƙwayar cuta ba ta san lambar rukuni ba, abin da ta sani shi ne ranar da aka kwance injin aka wanke shi sosai. A misalinmu, littafin masana'anta ya nuna an zuba rukuni biyar, daga L2415 zuwa L2419, tsakanin babban wanki ɗaya da na gaba, duk daga garin da ya zo a lodi guda. An kuma juye ragowar L2417 a cikin L2418, kamar yadda ake yi don kada a yi asara. Sannan littafin gyare-gyare ya nuna rufin ɗakin zuba kaya ya yi yoyo a wannan makon. Ga wanda ya san masana'antar busasshen abinci, wannan layin na ƙarshe shi ne mai tayar da hankali, domin salmonela tana daɗewa a raye cikin busasshen gari, kuma da ta samu ruwa sai ta hayayyafa. Ke nan iyakar gaskiya ita ce rukuni biyar, gwangwani 60,000. An tarar da 15,000 a sito, 45,000 sun fita ta hannun manyan diloli shida.

Na daɗe a kan wannan ne saboda ƙaramar sanarwa da ake ta faɗaɗawa ta fi babba guda ɗaya ɓarna. A watan Disamba na 2017 kamfanin Lactalis na Faransa ya fara janye rukuni 12 na madarar jarirai daga masana'antarsa ta Craon saboda salmonela. Cikin makonni adadin ya koma ɗaruruwan rukunai, zuwa Janairun 2018 kuma aka janye duk abin da masana'antar ta yi, kimanin gwangwani miliyan 12 a ƙasashe 83. Kowane ƙari sabon labari ne a jaridu, kuma kowane ƙari yana gaya wa uwar da ta duba gwangwaninta a makon jiya ta ga ba ya cikin jerin cewa an bar ta tana ba jaririnta abin da bai kamata ba. Idan kuna shakka tsakanin iyaka biyu, ku ɗauki mai faɗin. Rage iyaka daga baya labari ne mai daɗi. Ƙara ta kuwa tana cinye amincin duk abin da kuka faɗa a baya.

To a yaushe ake fitowa fili tun kafin gwaji? Ƙorafi ɗaya da ba shi da lambar rukuni, ba shi da shaidar likita, kuma takardunku ba su nuna wata tangarɗa ba, bai kai a yi kiranye, wato shelar a dawo da kayan, ba. Ana bincikensa, ana tanadar amsa ga duk wanda ya tambaya. Amma idan mutanen da ba su san juna ba suka haɗu a rukuni ɗaya, alamomin da tazarar lokacin suka dace da cutar da irin kayan ke iya ɗauka, masu cin kayan sun haɗa da yara ko masu ciki ko tsofaffi, kuma a cikin gida an ga abin da zai iya zama sanadi, to jira ya zama ganganci. Misalinmu ya cika duka huɗun. Hukuncin shi ne a tsayar da sayarwa, a kuma gaya wa waɗanda suka riga suka saya su daina sha. Janye kaya daga sito da kantuna a asirce ya isa ne kawai idan kayan ba su kai hannun masu ci ba. Da zarar sun shiga gidaje, sai an yi shela.

Kafin jama'a su ji, hukumar kula da ingancin abinci za ta fara ji, ta waya sannan a rubuce. Wannan ba ladabi ba ne kawai, doka ce a wurare da yawa. A Tarayyar Turai, sashe na 19 na doka mai lamba 178 ta shekarar 2002 ya wajabta wa kamfani ya janye kaya nan take ya kuma sanar da hukuma idan yana da dalilin zaton ba su da aminci, ba sai ya tabbatar ba. A Amurka wa'adin shigar da rahoto sa'a 24 ne idan abincin na iya jawo mummunar illa. Ka duba wa'adin ƙasarku tun yau ka rubuta shi a shafin farko na tsarinku. Ku nuna wa hukumar rubutun sanarwar kafin ta fita, domin babu abin da ke rikita mutane kamar kamfani ya ce rukuni biyar hukuma ta ce bakwai. A kuma sanar da kamfanin inshora a wannan rana, tunda jinkiri na iya zama hujjar ƙin biya.

Bayan hukuma sai ma'aikata, sai diloli, sai jama'a, kuma dukkansu a cikin sa'a guda. Idan tazarar ta yi tsawo, saƙon diloli zai riga ku fita, a yanke shi, a ƙara masa gishiri. Ma'aikata su ji daga bakin shugabansu, tare da layi biyu da za su faɗa wa maƙwabcin da ya tare su, da lambar da za su tura duk ɗan jarida. Mai gadin ƙofa da mai amsa waya su ne suka fi bukatar wannan, kuma su ne aka fi mantawa da su. Saƙon diloli daban yake da na jama'a, umarni ne: ga lambobin, a sauke daga kanta, a ware, a ƙirga, a turo adadi kafin ƙarfe kaza, kada a zubar, kada a mayar wa wani, kamfani zai biya. Wannan alkawarin biya shi ne ke hana mai kanti ɓoye katan ya sayar a ɓoye don ya tsira da jarinsa.

Sanarwar farko ga jama'a gajera ce, kuma ya kamata ta fita kafin yammacin Litinin ɗin. Ga yadda za ta kasance a misalinmu:

"Muna roƙon duk wanda ya sayi garin madararmu na gwangwani mai gram 400, mai lambar rukuni daga L2415 zuwa L2419, da ya daina amfani da shi. Lambar tana gindin gwangwani, ƙarƙashin ranar ƙarewar wa'adi. Mun samu rahoton mutum uku da suka kamu da gudawa da zazzaɓi bayan sun sha wannan madara, ɗaya yana asibiti. Ba a tabbatar da sanadin ba tukuna. Mun aika samfura ɗakin gwaji mai zaman kansa, mun sanar da hukuma, mun kuma tsayar da layin da ya zuba waɗannan rukunai. Tafasa ruwa ko zubar da saman garin ba zai sa ya zama amintacce ba. A rufe gwangwanin a mayar inda aka saya, za a biya kuɗinsa ko da an buɗe shi, ko da babu rasit. Wanda ya sha kuma ya ga gudawa, zazzaɓi, amai ko jini a bayan gida, musamman yaro ko mai ciki ko tsoho, ya ga likita ya gaya masa abin da ya sha. Muna ba waɗanda abin ya shafa haƙuri. Za mu sake bayani gobe Talata da ƙarfe 12 na rana."

Ka lura da jerin. Abin da mai saye zai yi shi ne a gaba, ba tarihin kamfani ba. Mutumin da ke tsaye da gwangwani a hannu tambayarsa biyu ce: nawa yana ciki, kuma me zan yi? Shi ya sa hoton gindin gwangwani da aka zagaye lambar da jan layi ya fi sakin layi uku amfani. A buga shi a shafin farko na kamfani, a kafofin sada zumunta, a rediyo, a kuma manna shi a kan kantar da aka sauke kayan, cikin duk harsunan da masu sayen ke ji. Kowane bugu ya ɗauki rana da lokaci a jikinsa, domin tsohon hoto zai ci gaba da yawo bayan an sabunta bayani.

Ka lura kuma da abin da ba ya ciki. Babu cewa lafiyar masu saye ita ce kan gaba a wurinmu. Kowane kamfani na faɗin haka, kuma ba ya ƙara wa kowa sani. Babu cewa sauran kayanmu duk lafiya lau, sai in kuna da hujja, kamar a ce a wani gini aka yi su da wasu injina da wani gari. Idan akwai hujjar, a faɗe ta tare da maganar. Mafi muhimmanci, babu bayanin sanadi. A 1990, da aka gano sinadarin benzin mai cutarwa a ruwan kwalba na Perrier a Amurka, kamfanin ya yi saurin cewa kuskure ne na wankin layin da ke zuba kwalaben Arewacin Amurka. Kwanaki kaɗan sai aka ga sinadarin a kwalaben Turai, ya bayyana cewa matatun da ba a sauya ba ne a tushen aikin. Aka janye kwalabe kimanin miliyan 160 a duniya. Adadin benzin ɗin kaɗan ne, amma bayanin farko da ya rushe ya sa mutane suka daina yarda da na biyu. Don haka ko da kwamitinku ya kusa tabbatar cewa yoyon rufi ne, ranar Litinin ba a faɗa, kuma ba a ɗora wa mai kawo gari ko dila ko wani ma'aikaci.

Za a yi gardama da lauya kan ba da haƙuri. Aikinsa ne ya tsare kamfani daga furucin da zai zama amsa laifi a kotu, kuma a saurare shi a kan kalmomin da suka shafi sanadi. Amma nuna alhini ga mara lafiya da ɗaukar nauyin gyara ba su ne amsa laifi ba, kuma hukuncin ƙarshe na shugaban kamfani ne. A 2008, lokacin da listeriya daga masana'antar Maple Leaf Foods ta Toronto ta kashe fiye da mutum 20 a Kanada, shugaban kamfanin Michael McCain ya fito da kansa a bidiyo ya ba da haƙuri, aka rufe masana'antar, aka janye duk kayanta, kimanin iri 200. Daga baya aka gano ƙwayar cutar can cikin injinan yanka nama. Darasin da za ka ɗauka a aikace shi ne, girman wanda zai yi magana ya dace da girman cutarwar. Idan ƙorafi ne ba a kwantar da kowa ba, manajan inganci ya isa. Idan akwai wanda ke asibiti ko an rasa rai, shugaba ne zai tsaya gaban kyamara, da masanin inganci a gefensa don tambayoyin fasaha. Murya ɗaya, daga littafi ɗaya.

Lambar waya da kuka buga sai ta samu mai ɗauka. Yi lissafi tun kafin a buga. A ƙaddara mutum ɗaya cikin 20 na masu gwangwani 45,000 zai kira, kira 2,250 ke nan, kuma a ce rabinsu a rana ta farko. Idan kowane kira minti 5 ne, ma'aikaci ɗaya zai iya kamar 80 a yini, ke nan ana bukatar mutum 15. Kamfanin da ke da masu amsa waya biyu zai wayi gari da sabon ƙorafi, cewa ba a ɗaukar waya. Kowane mai amsawa ya riƙe takardar tambayoyi da amsoshi iri ɗaya, kuma duk kiran da ya ambaci rashin lafiya a miƙa shi ga sashen inganci nan take da lambar rukuni. Idan wata lamba da ba ta cikin biyar ɗin ta fara maimaituwa, wannan ita ce alamar farko cewa iyakarku ta yi kaɗan.

A kafofin sada zumunta, a tsayar da duk tallan da aka tsara zai fita da kansa, har da na rediyo da talabijin. Kada a goge ƙorafi, kada a yi musu da mai bidiyo a bainar jama'a, kada a yi masa barazanar kotu. A amsa masa sau ɗaya a fili da ladabi, a nemi lambarsa, a ci gaba a keɓe. Jita-jitar da ta kai a gyara ita ce wadda za ta iya cutar da wani ko ta sauya abin da mutane ke yi, kamar a ce tafasawa na magance matsalar, ko a ce an rasa rayuka alhali ba a rasa ba. Ana gyara ta da faɗin abin da yake daidai, ba tare da an sake yaɗa hoton ƙaryar ba.

Ranar Talata da ƙarfe 12 a fito ko da babu sabon sakamako. Akwai abin faɗa kullum: diloli shida duk sun amsa, an tattara gwangwani 28,000 daga hannunsu da kantuna, ana ƙiyasin 17,000 suna gidaje, ƙorafin rashin lafiya ya kai kaza, ana sa ran sakamako ranar kaza. Wannan 17,000 shi ne ma'aunin aikin sashenku, ba yawan waɗanda suka yaba wa sanarwar ba. Idan kwana uku suka wuce adadin bai motsa ba, saƙon bai isa inda ya kamata ba, sai a sauya hanya. A kuma tura mutane su shiga kantuna da ƙafarsu su duba kanta. A lamarin Lactalis, manyan kantunan Faransa da dama sun amsa cewa sun ci gaba da sayar da madarar da aka riga aka janye. Aika saƙo daban, sauke kaya daban.

Sai ranar sakamako, wadda ya kamata a rubuta mata sanarwa iri biyu tun ranar Litinin. Idan an samu ƙwayar cutar, a faɗi sunanta a ranar, a maimaita umarnin, a bayyana yadda za a ɗauki nauyin maganin waɗanda suka kamu, a sake duba iyakar kafin a buɗe baki. Idan ba a samu ba, a nan ne ake yin kuskuren murna. Gurɓata ba ta bazuwa daidai cikin gari, takan taru a wuri-wuri, kuma gwajin gram 25 ne daga kowane samfur. Idan gwangwani ɗaya cikin 100 ne ya gurɓata kuka gwada 10, damar duk su fito babu komai ta kai kashi 90 cikin 100. Ko 60 kuka gwada, damar ta haura rabi. Saboda haka abin da za a faɗa shi ne an gwada samfura kaza daga rukunai kaza ba a samu ba, kuma kiranyen yana nan har a ga sakamakon gwajin marasa lafiya da na shafe-shafe, wato samfuran da aka shafo daga injina, magudanai da ƙasan ɗakin. Ba a cewa an wanke mu sai hukuma ta faɗa.

Akwai kuma lokacin da zargin ƙarya ne tun tushe. A watan Yunin 1993 rahotanni suka bazu a jihohin Amurka fiye da 20 cewa ana samun sirinji a gwangwanin Diet Pepsi. Kamfanin bai janye kaya ba. Ya nuna bidiyon yadda ake kifa gwangwani a wanke, a cika, a rufe cikin ƙiftawar ido, sannan kyamarar wani kanti ta kama wata mata tana sa sirinji a gwangwaninta, aka kuma kama mutane da laifin ƙarya. Amma ka dubi abin da ya ba su wannan ƙarfin gwiwa: rahotannin sun fito daga masana'antu daban-daban da ranakun zubi daban-daban, babu ciwon da ya bazu, kuma hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ce ta fito ta ce ba ta ga shaidar an taɓa kayan a faɗin ƙasa ba. Wanda ƙorafinsa ya taru a rukuni ɗaya, ga mara lafiya a asibiti, ba shi da hurumin kwaikwayon wannan.

Komawa kasuwa ma tana bukatar sanarwarta, kuma ba a yinta sai an gano sanadi, an gyara, an kwance layin an tsabtace shi, shafe-shafe sun fito babu komai sau da yawa a jere, hukuma kuma ta amince. Sanarwar ta faɗi abin da ya faru, da abin da aka sauya, da adadin da aka dawo da shi cikin 45,000, da yadda aka lalata shi a gaban shaida. Garin madara yana daɗewa bai lalace ba, don haka wasu daga tsofaffin gwangwanayen za su zauna a gidaje watanni masu yawa. A bar shafin kiranyen da lambar wayar a buɗe har wa'adin rukunan biyar ya ƙare, a kuma sa wa sabbin gwangwanaye alamar da ake gani daga nesa, kamar murfi mai wani launi, domin mai saye da mai kanti su bambanta sabo da tsoho ba sai sun juya gindi sun karanta lamba ba.